Taki bai nuna bambanci ba: me zan rubuta wa malamin da ke duba aikina?

«Malam, ina shekara ta biyu ta mastar a fannin noma, nan Damagaram. Hasashena shi ne, zuba ɗan takin zamani a ramin shuka zai ƙara wa hatsi aƙalla kilo 150 a hekta. Na bi gonaki 24 a wajen Mirya, 12 da taki, 12 babu. Masu taki sun ba da kilo 520 a hekta, marasa taki 460, ekar-tip na kowane rukuni wajen 150, p kuma ya fito 0,34. Sati uku ke nan na kasa rubuta wa malamin da ke duba aikina. Ƙawata ta ce in cire gonaki uku masu taki da aka sake shukawa, p zai sauka. Me zan ce masa?»

Ɗiyata, fara da sakin numfashi, sannan ki aje maganar ƙawarki gefe, za mu dawo gare ta. Cikin duk abin da kika zayyana, wanda ya fi damuna shi ne satin nan uku na shiru. Na duba memuwar ɗalibai da dama, kuma ban taɓa ganin juri ya kayar da ɗalibi don hasashensa bai tabbata ba. Wanda na ga ya sha wuya shi ne wani yaro da ya ɓace mini kusan wata biyu, ba ya ɗaukar waya, in ya hango babur ɗina a harabar jami'a sai ya sake hanya. Ranar da ya bayyana saura kwana goma a rufe karɓar aiki, ya zo da tablo mai kyau fiye da kima, kuma da na nemi kayen da ya rubuta awon fili a ciki, adadin da ke ciki da na tablo ba su haɗu ba. Da ya rubuto mini tun farko, da gyaran rabin yini ne.

Abin da lambobinki ke faɗa

Kafin ki rubuta wa kowa, sai ke kanki kin san abin da kika samu, don kuskuren da ɗalibai suka fi yi a irin wannan saƙo shi ne su rubuta «taki ba ya da tasiri». Lambobinki ba su faɗi haka ba.

Bambancin da kika gani kilo 60 ne, 520 a cire 460. Amma gonakin manoma ba su kama da juna. Wata tana kan jigawa, wata a kwari, wata tana da gawo goma a cikinta, wata ko inuwa babu. Abin da 150 ɗin nan na ekar-tip ke nunawa ke nan: ko a cikin rukuni guda, gona takan bambanta da matsakaicin rukunin da kimanin kilo 150. Da gonaki 12 a kowane gefe, kuskuren ƙiyasin bambancin yana fitowa kamar haka:

```
150 * sqrt(2/12) = 61.2
60 / 61.2 = 0.98
60 ± 2.07 * 61.2  →  -67 ... 187
```

Layi na biyu shi ne t ɗinki, wato bambancin a raba da kuskuren ƙiyasi, kuma daga gare shi p na 0,34 ya fito, wato yiwuwar a ga bambanci mai girman wannan ko fiye ko da takin ba ya yin komai, don haka lissafinki ya yi daidai da abin da kika faɗa mini. Layi na uku shi ne wanda nake so ki riƙe da hannu biyu. Shi ne tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari, kuma ma'anarsa ita ce bayananki sun dace da kowane tasiri daga asarar kilo 67 har zuwa ƙarin kilo 187 a hekta. Sifiri yana cikin wannan tazara, shi ya sa ba za ki iya cewa takin ya yi aiki ba. To amma duba da kyau: 150 ɗin da kika yi hasashe shi ma yana ciki. Ke nan gwajinki bai tabbatar da hasashen ba, bai kuma ƙaryata shi ba. Kamar mai awon hatsi ne da tiya mai lanƙwasa, ya auna buhu biyu, aka tambaye shi wanne ya fi, ya ce ma'aunin nan ba zai iya raba su ba. Bai ce buhunan daidai suke ba.

Da a ce tazarar ta fito daga asarar 10 zuwa ƙarin 40, da labari ya sha bamban. A nan za ki iya cewa da ƙarfin murya ƙarin kilo 150 bai samu ba a waɗannan gonaki. Malaminki zai so ya san wanne daga cikin biyun nan ne ya same ki, kuma p shi kaɗai ba zai gaya masa ba. Idan da manhajar lissafi ta R kike aiki, layin farko a nan yana ba ki duka:

```
t.test(amfani ~ rukuni, data = gonaki)
power.t.test(n = 12, delta = 150, sd = 150)
```

Layi na biyu yana amsa wata tambaya dabam: in da gaske takin yana ƙara kilo 150, mene ne yiwuwar gwaji mai gonaki 12 da 12 ya gano shi? Amsar tana wajen kashi 65 cikin ɗari. Wato ko hasashenki gaskiya ne tsantsa, cikin gwaje-gwaje uku irin naki ɗaya zai dawo hannu rabbana. Don a kai kashi 80 da aka saba nema, ana bukatar gonaki 17 a kowane rukuni. Idan kuwa ainihin ƙarin bai wuce kilo 60 ba, sai wajen gonaki 100 a kowane gefe, abin da ba ɗalibin mastar da zai iya bi a kan babur cikin damina ɗaya. Ki lura na sa 150 a lissafin, adadin da kika yi hasashe tun kafin shuka. Wasu sukan sa bambancin da suka gani bayan girbi su kira shi bayani, alhali wannan maimaita p ne kawai da wata riga.

Ki fara zargin kanki

Tambayar farko da malaminki zai yi a zuciyarsa ita ce, ko dai kuskure aka yi? Ki amsa ta kafin ya yi ta. Ɗauko kayen fili ki kwatanta shi da abin da ke cikin Excel, gona bayan gona, su 24 ne kawai, aikin awa ɗaya. Abubuwa uku ne suka fi cin mutane a wannan yanki namu.

Na farko awo. Manomi yana lissafi da dami da tiya, ke kina lissafi da kilo. Damin wannan ƙauye ba shi ne damin wancan ba, kuma nauyin zangarniya ba shi ne nauyin tsaba ba bayan an sussuka. Na taɓa samun ɗaliba da masu taimaka mata biyu, ɗaya yana auna zangarniya, ɗaya yana auna tsaba, duk aka zuba a ginshiƙi ɗaya. Ba wanda ya yi ƙarya, ba a dai gaya musu abu ɗaya ba. Na biyu shi ne waƙafi da ɗigo. Kwamfutar da aka saita da Faransanci tana karanta 4,5 a matsayin adadi, amma tana iya ɗaukar 4.5 a matsayin rubutu, ta tsallake shi a lissafin matsakaici ba tare da ta ce miki uffan ba. Ki ƙirga ki tabbata adadi 12 ne suka shiga kowane rukuni. Na uku shi ne juya awon ɗan filin gwaji zuwa hekta: kilo 5 daga fili mai mita 10 sau 10 kilo 500 ne a hekta, amma in wani filin mita 8 sau 10 ne aka ninka shi da 100 kamar sauran, an rage masa.

Bayan haka ki zana ɗigo 24 ɗin a hoto ɗaya, kowace gona ɗigo guda, rukuni biyu gefe da gefe. Ido yana ganin abin da matsakaici ke ɓoyewa. Idan gona ɗaya marar taki ta haura sauran nesa, ki koma ki tambayi mai ita. Sau da yawa za ki ji cewa Fulani sun kwana da shanu a cikinta da rani, ko ya yi ta kai takin gida da amalanke. Gonar da aka rubuta «babu taki» a takarda tana iya fin mai takin buhu ƙarfi.

Gonakin nan uku

Yanzu maganar ƙawarki. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma a ido shawarar tana da kai: gonakin an sake shuka su, sun makara, ba su yi daidai da sauran ba. Amma ki tambayi kanki, me ya sa aka sake shukawa, kuma me ya sa duka ukun suna cikin rukunin taki?

Dabarar da kika gwada sananna ce, masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore da abokan aikinsu sun daɗe suna aiki a kanta a Nijar: giram 6 na NPK 15-15-15, ko giram 2 na DAP, a kowane rami, wanda a ramuka 10.000 ya kama kilo 60 ko kilo 20 a hekta. Kuma an san haɗarinta. Idan taki ya taɓa iri a rami, ruwa kuma ya ɗauke bayan shuka, gishirin takin yana iya ƙone tsiro. Mu da muke nan mun san yadda ake shukar farko a Yuni, sama ta yi shiru kwana goma sha biyar. Saboda haka mai yiwuwa ne sake shukar nan ba tsautsayi ne da ya faɗo daga waje ba, takin ne da kansa ya jawo ta. Idan haka ne, cire gonakin ukun daidai yake da mai magani ya ƙirga waɗanda suka warke ya manta da waɗanda maganin ya kwantar. Manomin da zai sayi buhun taki da kuɗin akuyarsa yana bukatar sanin wannan haɗari fiye da komai a cikin memuwar ɗinki.

Ƙa'idar da nake ba ɗalibaina ita ce: ana cire gona ne kawai bisa dalilin da aka rubuta kafin a ga sakamako, kuma dalilin ya hau kan rukuni biyun daidai wa daida. Idan tsarin aikinki da malaminki ya sa wa hannu ya ce duk gonar da aka sake shukawa za a fitar da ita, to fitar da ita, ko mai taki ce ko marar taki. Idan bai ce ba, babban sakamakonki yana nan da gonaki 24. Ba haramun ba ne ki ƙara lissafi na biyu ba tare da su ba, muddin kin nuna duka biyun, kin kuma faɗa a fili cewa na biyun kin yi shi ne bayan kin ga na farko.

Haka ma jarabar yayyanka bayanai: ƙauye ƙauye, gonakin mata dabam, na jigawa dabam, har wani wuri ya ba da p ƙasa da 0,05, iyakar da aka saba kiran sakamako «mai ma'ana» a ƙasanta. Ko da takin ba ya yin komai, idan kika yi gwaji biyar masu zaman kansu, yiwuwar ɗaya ya fito «mai ma'ana» ta kai kashi 23 cikin ɗari. A gwaji ashirin ta kai 64. Sai kuma ƙanwar wannan jaraba, wato a koma babi na ɗaya a sake rubuta hasashe ya dace da abin da aka samu. Wani masani mai suna Norbert Kerr ya yi rubutu a kan wannan ɗabi'a tun 1998, kuma malaminki yana da kwafin tsarin aikinki na farko a kwamfutarsa.

Dalilin da kika sani da wanda kike zato

Sashen «me ya sa» shi ne inda saƙo yakan lalace. Ɗalibi yakan jero dalilai takwas, fari, ƙuduji, tsutsar zangarniya, tsuntsaye, ƙarancin kuɗi, har da rashin lafiyar kakarsa, duk a murya ɗaya. Mai karatu sai ya ji kamar ana neman uzuri. Ki raba su gida biyu. Akwai abin da kike da shaida a kansa: yawan gonaki da girman warwatsuwa, wannan lissafi ne, sake shuka a gonaki uku, wannan yana cikin kayenki da kwanan wata. Akwai kuma abin da kike zato, kamar ƙonewar tsiro ko takin gida a gonakin kwatanci, in ba ki auna su ba. Kowane zato ki haɗa shi da abin da zai iya gwada shi. Idan kin ƙirga ramukan da suka tsira sati biyu bayan shuka, kina da hanyar duba maganar ƙonewa. Idan ba ki ƙirga ba, ki ce ba ki ƙirga ba. Kuma kada ki manta da dalilin da ɗalibai ba sa son rubutawa: mai yiwuwa a wannan damina, a wannan ƙasa, takin bai ƙara abin kirki ba. Shi ma yana cikin tazarar.

Akwai aibi ɗaya a tsarin gwajin da ya kamata ki ambata da bakinki kafin juri ya ambata. Da an raba kowace gona biyu, rabi da taki rabi babu, da kowane manomi ya zama ma'aunin kansa, bambancin jigawa da kwari da gawo ya fita daga lissafi. A ƙaddara bambancin rabi da rabi ya warwatsu da kilo 100 a gonaki 24: kuskuren ƙiyasi zai sauko wajen 20, kuma wannan kilo 60 ɗin da ya ɓace miki yanzu da ya fito fili. Ki faɗi wannan a matsayin darasin aikin, ba tare da nuna yatsa ba, ko da malamin ne ya amince da tsarin tun farko. Ya sani.

Saƙon kansa

Na san da Faransanci za ki rubuta, amma ga ƙashin bayansa da Hausa, ki mayar. A layin take ki sa abin da ke ciki, misali «Sakamakon gwajin taki a Mirya: babban hasashe bai tabbata ba, ina neman ganawa». Take irin «Gaisuwa» ko «Neman taimako» yakan kwana a ƙasan akwati.

«Assalamu alaikum Malam. Ina fata kana lafiya, da iyali da aiki. Ka gafarce ni da jinkirin da na yi.

Na gama lissafin girbi, kuma babban hasashenmu, cewa taki a rami zai ƙara aƙalla kilo 150 a hekta, bai samu goyon bayan bayanan ba. Gonaki 12 masu taki sun ba da matsakaicin kilo 520 a hekta, 12 marasa taki 460. Bambancin kilo 60 ne, tazarar amincewa daga -67 zuwa 187, p = 0,34. Tazarar ta ƙunshi sifiri, ta kuma ƙunshi 150, don haka a fahimtata gwajin bai iya yanke hukunci ba.

Na kwatanta kayen fili da tablo gona bayan gona, na duba awo da faɗin filaye, ban sami kuskure ba. Abin da nake da shaida a kansa biyu ne: warwatsuwa tsakanin gonaki ta kai kilo 150, wanda ya bar wa gwajin ƙarfin kusan kashi 65 kawai, kuma an sake shuka gonaki uku, dukansu masu taki. Ina zaton takin ya ƙone tsiro lokacin da ruwa ya ɗauke, amma ban tabbatar ba. Ban cire gonakin daga lissafi ba.

Shawarata ita ce in bar hasashen yadda yake, in kawo sakamakon haka, in ƙara lissafi na biyu ba tare da gonakin uku ba tare da bayyana cewa daga baya na yi shi, sannan in tattauna tsarin raba gona biyu. Na haɗo tablo da hoton ɗigon gonakin. Ko Malam zai ba ni rabin awa a wannan sati ko mai zuwa? Na gode, Allah ya ƙara girma.»

Ki lura da inda labarin ya faɗo: jimla ta farko bayan gaisuwa. Al'adarmu ce a kewaya kafin a faɗi abin da ba shi da daɗi, kuma a zaure hakan ladabi ne. Amma malami yana karanta saƙo a waya tsakanin aji da aji, wani lokaci intanet na zuwa tana ɗaukewa, kuma idan sai sakin layi na huɗu zai gane me ya faru, zai fara tunanin abin ya fi haka muni. Ban haƙuri sau ɗaya ya isa, a kan jinkiri, wanda laifinki ne. Sakamakon ba laifinki ba ne, kada ki nemi gafara a kansa. Kuma kada ki rubuta «na duba ban sami kuskure ba» sai kin duba ɗin. Idan kin sami kuskure, ki faɗi abin da kika gyara da yadda adadin ya canza.

Inda shawarata ta tsaya

Duk lissafin da na yi miki ya dogara ne a kan cewa gonakin 24 masu zaman kansu ne, kuma ƙuri'a ce ta raba wa zai sami taki. Idan masu takin duk a ƙauye ɗaya suke, marasa takin a wani, to kin kwatanta ƙauye biyu ne, kuma ruwan da ya sauka a wannan ya tsallake wancan ya cakuɗe da tasirin taki ta yadda babu gwajin da zai raba su. Idan kuma manoma ne suka zaɓa da kansu, mai yiwuwa masu hali ne suka karɓa, ko kuwa masu gajiyayyar gona. Ko wanne ne, ki ƙara jimla ɗaya a saƙon ki faɗe shi, don zai canza yadda za a rubuta babin tattaunawa gaba ɗaya. Damina ɗaya ma damina ɗaya ce. Abin da taki ya yi a shekarar da ruwa ya yi tsalle ba lalle ya yi shi a shekarar wadata ba, kuma memuwar ɗin mastar ba ta da damina ta biyu.

Idan wani shiri ne mai raba taki ya biya kuɗin man babur ɗinki, kuma kina jin suna jiran labari mai daɗi, wannan ba maganar saƙo ba ce. Ki bar ta sai kun zauna da malaminki, shi ya san yadda zai yi magana da su. Ki tura saƙon gobe da safe bayan kin gama kwatanta kayen, sannan ki aika masa ɗan rubutu a waya cewa kin turo. In kwana huɗu sun wuce shiru, ki je ofis da tablo a buge a takarda, da kayen fili a jaka.